Ramukan Allura a Kafaɗar Riga

Ka ɗauki misalin wata tela da aka sa cikin alƙalan gasa a wani taron matasa, inda kowa ke yin shigar wani daga cikin mutanen littattafan zane. Ƙa'idar gasar ɗaya ce: wanda shigarsa ta fi kama da wanda ya kwaikwaya, shi ke da kambu. Can sai ga wata ta hau dandamali, fuska a rufe da ƙyalle, da gashin kanti baƙi, da doguwar riga shuɗiya, da takobin kwali da aka shafa wa fentin azurfa. Alƙali na farko ya ce ai ya gane tafiyar nan, 'yar unguwarsu ce mai suyar awara, me ya kai mace shigar mayaƙi? Na biyu ya ce jarumin wani littafi ta so ta kwaikwaya, ta kuwa kwafsa, don jarumin a hagu yake rataya takobi, kuma da tambarin shaho a kafaɗarsa. Har sun ɗauki biro za su kayar da ita.

Telar ta ce, "Ku dakata. Ba a tambaye mu ko 'yar waye ba. Wa ta zama, shi aka tambaye mu."

Ta tashi ta kewaye ta a hankali. Tsawo da murya da fasalin jiki duk ta bar su, don waɗannan na mai shigar ne. Abin da hannu ya zaɓa ya ɗora, shi ta bi. Takobi a dama, alamar bahago ke nan. Silin furfura guda a gashin, bisa kunne. Gefen rigar an babbaka shi da gangan, aka bi bayansa da ɗinki don kada ya zare. A kafaɗa kuma ga ramukan allura sun zana siffar shaho, da guntayen zare a tsaye: an ɗinka tambarin ne tsaf, sannan aka farke shi. Telar ta san kwana nawa irin wannan aiki ke ci. Ta sa aka kawo littafin, ta yi ta buɗawa har ta kai inda aka kori yayan jarumin daga runduna, aka yage masa tambari, ya fita ta cikin gobara. Bahago ne, da furfura bisa kunne. Ashe ba shi kawai yarinyar ta kwaikwaya ba, har ranar korarsa ta ɗinka. Da telar ta ambaci sunan yayan, sai yarinyar ta dafa kafaɗa ta sunkuyar da kai, daidai yadda aka zana shi a shafin. Zauren ya kaure da tafi. Ta karɓi kambunta ta sauka ba ta yaye ƙyallen ba, telar kuma ba ta nemi ganin fuskarta ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kama da wane ba ta wane.