Abin da Baffa Ya Roƙa

"Sannunku da zuwa," in ji Baba a walimar gama sakandarena. "Gidanga naku na. Wallahi duk abin da kuka so, in yana ciki, ku tambaya."

Kowa ya san amsar: alhamdulillahi, ko a nemi ƙarin fura.

Sai yayan Baba, Baffa Hodi na Gulma, ya aje ludayi, ya dube shi. "Labbo, ƙarfina ya ƙare, ga shinkafa a fadama. Ba ni Kalilu."

Ni ke nan, mai shirin tafiya karatu Sakkwato.

"Na rantse gaban mutane," Baba ya ce, bai dube ni ba.

Na ruga wajen Inna ta cece ni. Na tarar tana kuka kan akwatina. Tun jiya Baba ya sa ta ɗaure shi, har da lauje.