Mangwaron Bakin Layi

A karo na uku Sharhabilu ya kwance ledar, ya tarar reshen ya bushe.

Ba don mangwaro ya baro Talata Mafara ba. Tambaya ya kawo wa Malam Mas'udu, tsohon da ya kaɗaita a wata garka bayan Faru. Me ya sa mahaifinsu, daf da rasuwarsa, ya miƙa buzun karantarwa ga ƙaninsa Khalifa, alhali shi ne babba? Ya rantse in bai sami amsa ba, ba zai ƙara taka gidansu ba.

Kullum Khalifa. Khalifa mai haƙuri, Khalifa mai sanyin baki. Ko daminar da ya ɓace da sunan neman ilmi a Maradun, da ya dawo rago aka yanka masa.

Tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya miƙa masa wuƙa.

"Zo ka yi wa iccen ga aure."

Ya nuna masa yadda ake datse kan ƙaramar bishiya a tsaga ta, a fere reshen mai daɗin 'ya'ya ta gefe biyu, a cusa shi har ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da leda kada iska ta shiga. Daga nan sai ban ruwa da cire tohon da ke fitowa ƙasan ɗaurin. Tun ranar farko wuƙar ta zame ta yanke masa babban yatsan hagu.

"Malam, amsata fa?"

"In ya kama, ɗana."

Sharhabilu kuwa bai iya barin ɗaurin. Yakan buɗe ya leƙa, iska ta shiga, reshen ya mutu.

A bakin layi akwai wani mangwaro da ya fi sauran 'ya'ya, gindinsa duk tabon datsa. Har wannan iccen Sharhabilu yake harara.

Reshe na huɗun ya ɗaure ya ƙyale. Ya yi ta jan ruwa, makonni suka shuɗe, har ya wayi gari ya lura ya kwana biyu bai tambayi komai ba. Da tsiro ya ɓullo jajaja a kan reshen, ya daɗe tsugune gabansa. Ya tashi ya naɗe tabarmarsa.

"Ba ka karɓi amsarka ba," in ji tsohon.

"Ta jira. Gida zan tafi." Ya nuna bakin layi. "Wancan fa, wa ya yi mishi wannan ɓarna?"

"Wani yaro da ya fi ka zafi. Kuka ya zo yana yi, wai ubansu bai ganin kowa sai wansa."

Sharhabilu ya isa gida bayan la'asar, ya tarar da Khalifa a kan buzu. Ƙanin ya miƙe, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya dubi yankan da ke yatsansa, ya yi murmushi.

"Yaya," ya ce, yana juyo nasa tsohon tabon, "mangwarona na bakin layi yana nan?"