Godiyar da Aka Kai Dusuman

Layin Keke Napep ya tsaya cak a gaban Kasuwar Shanu, ba gaba ba baya. Saude ta ƙara rungume jakarta. A ciki akwai kundin digiri na biyu mai baƙin bango, da ambulan guda wanda gefensa ya yi tabo.

Gobe wa'adi zai cika. In ba a miƙa kundin a ofishin manyan digiri ba, aikin shekaru ya tashi a banza. Kuma ba a karɓarsa sai da sa hannun mai duba aikin, Dakta Salomi Dzarma. Ita kuwa ta tafi ƙauyen Dusuman kwaso iyayenta, ga layukan waya an yanke a duk jihar. Tun da aka yanke ba wanda ke jin labarin wani. Mai son magana da mutum sai ya taka ya je.

Saude ta san jan biron Dakta Salomi. Ya daɗe yana hana gidanta barci. Babi ya tafi fari tas, ya dawo kamar an yanka kaza a kai. A sake bugawa, a sake kaiwa, a sake dawowa da shi. Ba ta taɓa jin haushi ba. A wurinta malamin da ba ya tsanantawa ba malami ba ne.

Ranar kare kundin da azumi ta shiga ɗakin. Malamai sun jeru a bayan dogon tebur: mai jarrabawa na waje da aka ɗauko daga wata jami'a, da na cikin gida, da shugaban sashe. Aka yi bayanin binciken, kan ciwon huhun shanun da ake kawowa kasuwar nan. Sai baƙon ya fara ɓarin tambayoyi. Shanu nawa aka ɗebi jininsu? Me ya sa na damina kaɗai? Dakta Salomi tana gefe ta harɗe hannu, don doka ba ta ba ta damar amsa wa ɗalibi ba. Daga baya aka ce kowa ya fita, suka rufe ƙofa. Da aka buɗe sai shugaban ya ce an ci, amma da ƙananan gyare-gyare.

An yi gyaran. Mai jarrabawa na cikin gida ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu. Layin sa hannu guda ya rage, na Dakta Salomi.

"Kowa ya sauko! Hannu sama!"

'Yan gora ne, samarin unguwa masu taya tsaro. Aka jera fasinjoji a rana, maza gefe, mata gefe. Wani ya zazzage jakar Saude, ya buɗe kundin, ya ci karo da taswirar kasuwa da ƙofofinta. Fuskarsa ta sauya.

"Hajiya, wa ya aike ki zana kasuwa?"

"Aikin makaranta ne."

Ya ɗaga ambulan ya juya shi, ya tsura wa tabon ido. "To buɗe ki karanta mana."

"Ba zan karanta ba."

Waɗanda ke kusa da ita suka ja jiki. Rana ta karkata, dokar hana fita na matsowa. A baya an datse hanya, a gaba gora ce. Saude ta dubi saurayin ido cikin ido.

"Godiya ce aka rubuta wa malama. Ba taka ba ce, ba tawa ba. In za ka fasa amanar mutane, fasa da hannunka. Ba uwa a gidanku?"

Babbansu ya leƙo, ya ga tambarin jami'a a bangon kundin, ya yi masa magana da Barbarci. Aka cusa mata kayanta a jaka, aka bar ta ta wuce.

A Dusuman ta iske Dakta Salomi a tsakar gida ana ɗaure katifu. Malamar ta gane ta, ta rusuna ta gaishe ta. Da Saude ta fito da kundin da ambulan, sai malamar ta miƙa hannu ga ambulan. Saude ta janye shi.

"Sa hannu tukuna, Malama."

Dakta Salomi ba ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba. Ta zauna a kan buhun gero, ta buɗe kundin, ta ɗauko jerin gyaran da baƙon ya bari, tana bin shafi da yatsa. Jadawalin da aka ce a sake, an sake. Sunayen littattafai an jera su daidai. Saude tana tsaye, ta ƙi zama, ta ƙi ruwa. A ƙarshe biro ya sauka a kan layin, aka sa kwanan wata. Sai da tawadar ta bushe ta miƙa ambulan.

Malamar ta karanta tana murmushi. "Ji ɗan banza! Wai ya gode da jan biro, yanzu ya san ba ƙiyayya ba ce. Wai in yafe masa ranar da ya yi fushi ya buga mini ƙofa. To Mama, ina shi Abdulnasir ɗin? Ya zama babban mutum, sai dai ya aiko ki?"

Ɗan farin Saude ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, yau ma bai kama ba.

"Sake karanta mini daga farko, Malama, a hankali, ni ban yi boko ba," in ji Saude. "Ke yaron ya fita kawo wa wasiƙar nan ran Laraba. Da ita a aljihunsa aka kawo mini gawarsa."