Bencin Ƙarƙashin Bedi

Gazali ya kafe motonsa mai taya biyu a ƙofar gidan kawunsa a Mayahi, ya iske taubashiyarsa Talatu tana ɓarar gyaɗa.

"Taimaka min, uwar surutu. Yau zan fara ganin Samira, malamar lakwal, makarantar bokon garin Tchaké, da muke waya. In kai ta kasuwa?"

Ɓawon gyaɗar ya murƙushe a hannun Talatu.

"Kasuwa? Ku yini kuna 'me kika ce?' Gidan abinci kuma ba za ta iya ci a gabanka ba." Ta watsar da ɓawon. "Ka kai ta bencin mai fura, ƙarƙashin bishiyar bedi, bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Jama'a na ganinku, ba mai jin zancenku, ba mai zarginta. Ta zo da ƙanwarta. Ka kashe wayarka, ka tambaya, ka saurara. In hira ta mutu, kiran magariba ya raba ku ba kunya."

Gazali ya tuntsire da dariya. "Kai! Yaushe kika tsara duk wannan?"

"Shekara biyu ke nan. Wanda na tsara dominsa bai taɓa gayyatata ba."

"Wane sakarai ne wannan?"

Ta ɗago ta dube shi. Tsakanin taubasai komai wasa ne, shi ya sa bai taɓa ɗaukar zancenta da gaske ba. Yau ba ta yi murmushi ba.

Dariyarsa ta tsaya.

"Tashi, za ka makara," in ji ta. "Amma wallahi ka nemi wani bencin. Wannan nawa ne."