Jawabin Crispin

Sau huɗu Crispin Villaruz yana kai wa tsohuwa Manang Soling takardar jawabinsa, sau huɗu tana mayar masa da ita. Shekara talatin tana shirya ma'auratan da za su sabunta alkawarin aure a cocin garinmu, ba ta taɓa haɗuwa da mai taurin alƙalami irinsa ba. Ga shi saura kwana uku.

Tsarinta ba ya sauyawa. A fara da godiya, amma a kama abu ɗaya takamaimai. A amsa cewa an sha wuya, ba tare da an baje kayan cikin gida a gaban jama'a ba. Sai yafiya. Sai alkawari ƙarami wanda mutum zai iya cikawa ko da ranar Talata ce mai ruwan sama. Dokarta ta ƙarshe ita ce mafi tsanani: maganar da ba a taɓa yi a ɗaka ba, ba a fara ta a gaban bagade.

Godiya ba ta ba Crispin wahala ba. Ya rubuta yadda matarsa Editha take ƙunshe masa shinkafa da busasshen kifi a ganyen ayaba kullum, har a watannin da ba sa magana. Alkawari ma ya samu: zai riƙa cin abincin yamma a gida, ya daina fakewa a bukkar gadin tafkin kifi. Gurbin yafiya ne ya bari fari fat.

"Ɗana, kalma uku ce fa," in ji tsohuwar. "Na yafe miki. Ko sai na tauna na zuba maka a baki?"

"Manang, ba za a iya tsallake wannan ba?"

"A tsallake me? To me ya tara mu? Cin alade?"

Kowa a garin ya san labarin. Shekara biyu da suka wuce Editha ta tafi famfo wanki, 'yarsu Mayang mai shekara uku ta fita ta ƙofar gora ta bayan gida, wadda take kallon tafki, ta faɗa ruwa ta rasu. Da farko Editha ta rantse ta ɗaure ƙofar. Daga baya ta ce tana jin ta ɗaure. Bayan addu'ar kwana arba'in ta daina cewa komai, ta koma gidan iyayenta a tsibirin da ke tsallake.

Crispin bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa cewa laifinta ne ba. Matan kasuwa har zungurar mazajensu suke yi da shi. Ni kaina na yabe shi. Sai dai bai kuma taɓa cewa ya yafe ba, shirun nan kuwa shi ya fi cin Editha. Ta dawo ne da sharaɗi ɗaya, ta faɗa wa Manang Soling: in ya furta a gaban Allah da mutane, za ta zauna. In bai iya ba, jirgin ruwan Litinin yana nan.

Ranar Jumma'a ya same ta tana gugar farin mayafin da aka lulluɓa musu ranar aurensu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Ditha." Ta ɗago a tsorace, kamar mai jiran hukunci, kuma karon farko ya lura ta ɗan yi kumatu tun dawowarta. Ya tambaye ta ko akwai sauran kofi.

Ranar Lahadi aka kunna kyandir biyu, aka yafa mayafin a kanta da kafaɗarsa, aka zagaya musu igiya a wuya, alamar aure. Editha ta fara. Ta gode masa da bai kore ta ba. Ta nemi gafara, ta yi alkawarin za ta sake koyon dariya in ya ba ta lokaci. Har Fada, limamin cocin, sai da ya cire tabarau.

Crispin ya karanta godiyarsa. Ya zo gurbin nan, ya tsaya. Ya dubi Manang Soling, ta harare shi ta kaɗa kai. Ya dubi matarsa. Abin tausayi, babu hanyar da ba ta ƙarewa a kanta: in ya yi shiru ta tafi, in ya faɗi abin da ke bakinsa ta tafi.

"Na yafe miki," ya ce.

Editha ta faɗa jikinsa, ya tare ta, igiyar ta harɗe musu wuya. Coci ya ɗauki tafi. Ta raɗa masa cewa yau za ta yi barci.

Ya riƙe ta gam, yana kallon bango, domin ta ɗaure ƙofar nan da kyau a safiyar, shi ne ya dawo ɗaukar tabarsa ya fita a gurguje ya bar ta a buɗe.