Sharar Tsakar Rana

Kai da kake shirin aurar da 'yarka kana tambayar me za ka ce mata, ga misalin wani manomin albasa. 'Yarsa ta fari yarinya ce mai zurfin ciki. Tun tasowarta bai taɓa kiran sunanta ba, don kunyar 'yar fari. In yana son ruwa sai ya ce wa ƙannenta su gaya wa waccan. Ita kuwa ta ɗauka ko kallo ba ta ishe shi ba, abin yana ci mata rai, amma ba ta taɓa furtawa ba. Halinta ke nan. In an ɓata mata ba ta kuka, ba ta musu, sai ta ɗauki tsintsiya ta hau share tsakar gidan da ta riga ta share.

Ranar da aka ɗaura aurenta da wani tela, bayan la'asar gwaggonninta suka lulluɓe ta, suka zaga da ita wurin manya kafin a kai ta ɗakinta. Inna ta ce ta yi haƙuri. Kaka ta ce aure ibada ne, yi na yi, bari na bari. Baffanta da ya yi mata walicci ya ce in ta ga abu ta yi kamar ba ta gani ba. Duk gaskiya suka faɗa, sai dai mai haƙuri suke ta yi wa lodin haƙuri. Da aka durƙusar da ita gaban uban a zaure, sai ya ce a dakata, a kira masa angon. Gwaggo ta ce yau ga sabon salo, ina aka taɓa zaunar da suruki ranar kai amarya? Ya ce ai kayan na mutum biyu ne, ba zai ɗora wa ɗaya shi kaɗai ba. Aka shigo da tela, mutumin da bakinsa ba ya hutawa a kasuwa, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsugunna yana zufa.

Dattijon bai tsallake ko ɗaya daga abin da iyaye ke faɗa ba. Ya hore ta da salla a kan lokaci, da girmama uwar miji, da riƙe sirrin ɗaki, da neman izini kafin fita. Ya miƙa mata Alƙur'ani da sallaya da buta. Sannan ya juya ga angon, har yanzu bai dubi inda take ba, ya ce, "Yaro, amana na ba ka, kuma ba a ba da amana a ɓoye halinta. Wannan da kake gani, in ranta ya ɓaci ba za ta faɗa ba. Za ka dai ga tana share inda babu datti. Ran da ka ga haka, kada ka fita. Zauna ka tambaye ta. Za ta ce ba komai. Ka sake tambaya, kada ka gaji. Ni kunya ta hana ni tambaya, sai dai in ji ƙarar tsintsiya daga zauren nan abinci ya ƙi shiga. Kai ba ka da wannan uzurin." Ya gyara murya, ya ce, "Ke kuma, haƙuri daban, cin rai daban. In ya tambaya, ki faɗa. Allah Ya yi muku albarka." A ƙarƙashin mayafi ta fashe da kuka. Gwaggonni suka ɗauka kukan amarya ne na al'ada. Ita kaɗai ta san na farin ciki ne: ashe duk shekarun nan yana jin tsintsiyarta.

Bayan damina ta wuce, tela ya tsiro da wata raha. In abokansa sun zo cin tuwo sai ya ce ai shi bango ya aura, ka yi masa magana ba amsa, su kwashe da dariya, ita tana ji daga madafa. Shi a wurinsa wasa ne, ita kuwa kullum sai ya soke ta. Har ta ƙulle 'yan kayanta ta tura ƙarƙashin gado, da niyyar in ya fita ta kama hanyar gida ba sallama. Ran nan da azahar ya ci abinci, ya turo keken hawansa zai koma shago, sai ya ji tsintsiya tana kartar ƙasa. Ya waiga. Tsakar gida tas, ko tsinke babu. Ya jingine keken, ya zauna bakin rijiya, ya tambaya. Ta ce ba komai. Ya sake, ta ce ba komai. Masu ɗinki suna can suna jiransa, bai motsa ba. Da ta ga mutumin nan ba shi da niyyar tashi, sai ta tuna nata rabon nasihar da aka ba ta a zaure, ta ajiye tsintsiyar ta ce, "Ni ba bango ba ce." Kunya ta rufe tela, ya ba ta haƙuri, bai ƙara wannan wasan ba. Da yamma ta jawo ƙullin kayan ta kwance, bai ma san an taɓa ƙulla shi ba.

Dattijon nan ya burge ni. Bai karya al'ada ba, bai kuma bar al'ada ta binne masa 'ya ba, ya ba kowannensu maganar da ta dace da kunnensa. Su ma da suka riƙe ta, ta riƙe musu gida. Shi ya sa Hausawa ke cewa, in kunne ya ji, jiki ya tsira.