Takalmin Hagu

Zuera ta toshe kunnuwanta da auduga kafin ta sauka daga motar hayar da ake kira trotro a bakin kasuwar Nima. Sati na huɗu ke nan tana haka.

Sabon fim ne ya fito a sinima, labarin wata tsohuwa da takalminta, kuma duk wanda ya gani bakinsa ba ya rufuwa. Abin da ya ɗaure wa mutanen gidan hayarsu kai shi ne irin gudun da Zuera take yi. Idan ana ba da labarin ƙarshen fim ɗin, tana zaune tana tsince wake, ko gezau. Amma da wani ya ce "ai tun da farko," sai ta ɗauki buta ta shige banɗaki.

"Mma Zuera, kanki ɗaya kuwa?" in ji Indo, maƙwabciyarta mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake. "Mutane ƙarshe suke gudu. To ga shi nan, tsohuwar ta miƙa wa alƙali takalmi, kowa ya fashe da kuka."

"Na hagu," in ji Zuera, ba ta ko ɗago ba.

Ita dai tambaya ɗaya ke cin ta: me ya sa takalmi ƙwaya ɗaya zai sa ƙarti masu gemu kuka? Kuma ta rantse ba za ta ji amsar a bakin kowa ba, sai ta gani da idonta.

Hanya biyu ce. Ƙaninta Sulemana, mai gyaran waya a unguwar Circle, ya tsaya kai da fata a kan ta jira. Ya ce in fim ya gama zagayensa a sinima, masu manhajar kallo a waya za su saye shi. Kuɗin tikiti ɗaya ya ishi rajistar wata guda har da canjin data. Tana kan tabarmarta za ta kalla, in an kira salla ta tsayar, ta idar, ta ci gaba.

Maganar sallar ta shige ta. Amma da ta tambaye shi yaushe, sai ya hau sosa ƙeya. Wata biyu, ko shida. Kuma manhajojin suna da yawa, ba a san wacce za ta saya ba. Wani lokaci ma a sake shi a wasu ƙasashe, a Ghana ka duba ka tarar babu.

Wata shida da auduga a kunne! Tun yanzu ta wuce gaisuwar liman sau biyu ba ta amsa ba, wani direban trotro kuma ya wuce da ita har unguwar Maamobi saboda ba ta ji yaron mota ba.

Sulemana ya kawo mata kwafin fim ɗin da aka ɗauka a ɓoye da waya a cikin sinima, rabin hoton ƙeyar wani mai tari ce. Ta mayar masa, ta ce kayan sata ne, ba da ita ba.

Sinimar kuma ga tsada, ga hawa biyu na trotro. Sannan ita mace ce mai ja wa mata baƙi a makarantar Asabar. Abin da unguwa ta sani shi ne tana aiki a mol, babban ginin kantunan zamani, ta fita da hijabi ta dawo da hijabi, sai ɗan ƙamshin man shanu da gishiri.

"Sai ki yi ta shawara har ki tsufa," in ji Indo. "Fim ɗin yana nan, ba gudu zai yi ba."

"Zai gudu. Satin farko sau biyar ake nuna shi a rana. Yanzu an mayar da shi ƙaramin ɗaki, sau biyu. Lahadin da ta wuce kujera goma sha ɗaya aka zauna. Ranar Juma'a ake sauya jadawali, Alhamis ce ta ƙarshe."

Indo ta saki baki, amma wani ya zo sayen waakye.

Ran Laraba Zuera ta yi istihara a kan fim, tana jin kunyar Ubangijinta. Ran Alhamis ranar hutunta ce. Ta yi La'asar, ta yafa mayafin Indo har kan hanci, ta ja Indon suka tafi. A bakin tagar tikiti Indo ta tura gaba, ta juya wa mai sayarwa baya. Ta hana ta sayen gugguru. Cikin duhu kuwa Zuera ce ta ja hannun Indo har kujera, ba ta yi tuntuɓe da matakala ko ɗaya ba.

Aka yi talla na minti ashirin. Zuera ta cire audugar.

Fim ya buɗe da wata yarinya tana cinikin takalmi a kasuwa, mai kaya ya ba ta hagu biyu. Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Zuera kuwa ta dafe ƙirji ta hau kuka, shaɓe-shaɓe, ita kaɗai, har na gaba ya waiwayo.

"Ke, ba a zo wurin kukan ba," Indo ta raɗa mata. "Saura awa biyu."

Zuera ta kalli sauran a natse, tana gyaɗa kai kamar mai karɓar amsar wasiƙa. Da aka nuno ƙofar kotu, sai ta miƙe ta gyara mayafi.

Indo ta riƙo ta. "Ina za ki? Yanzu ne fa za a yi abin."

"Magariba ta yi. Ki same ni a waje. In kin tashi ki ɗauke robar ruwanki."

Ta sauka a hankali, zuciyarta wasai. Abin da ya rage ba baƙonta ba ne: sau sittin da uku ta ga minti goman nan na ƙarshe, a tsaye a bayan ƙofa da tsintsiya a hannu, tana jiran a gama kuka a tashi ta share gugguru.